"Kada a Saka Fuskar 'Yata Cikin Na'ura": Wasiƙar Wata Uwa Zuwa Makaranta

Wata Alhamis bayan la'asar, ana saura mako biyu a yaye 'yan aji shida, yayata ta turo mini hoto ta WhatsApp ba ta haɗa shi da ko kalma ɗaya ba. Wata budurwa ce cikin farar rigar likitoci, abin awon ƙirji rataye a wuyanta, tana tsaye a barandar wani asibiti mai ƙyalli. Na daɗe ina kallo kafin na gane wushiryar. 'Yar yayar tawa ce, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya.

Fuskar tata ce, amma an ƙara mata kamar shekara goma. An haska fatarta, an ja mata gira, leɓenta ya yi ja. Dogon hijabin makarantar da take sawa har gwiwa ya koma ɗan siririn mayafi, gashi ya leƙo ta goshi. A aljihun rigar akwai bajon makarantar, sai dai haruffan da ke jikinsa sun cakuɗe, ba su karantuwa da kowane harshe.

Makarantar ce ta wallafa shi a shafinta na Facebook tare da na wasu yara bakwai, wannan matuƙin jirgi, wancan alƙali, waccan injiniya da hular kwano. A ƙasa an rubuta cikakken sunan kowane yaro da ajinsa, sannan aka sanar da cewa an fara sayar da fom na sabuwar shekara. An kuma buga hotunan a kan ƙatuwar bana, aka rataye a mahaɗar titin unguwar.

Da na kira ta, muryarta na rawa. "Mai kayan miya ne fa ya fara yi mini barka," in ji ta. "Wai ya ga likitarmu a bakin titi. Ni da na haife ta sai a bakin mai tattasai zan ji."

Fom ɗin da ya tsufa

Washegari ta je makarantar. Hedimasta ya karɓe ta da mutunci, ya sa aka ɗauko fayil ɗin yarinyar, ya nuna mata sa hannunta. Shekara shida da suka wuce, ranar da ta kai ta aji ɗaya, ta cike fom mai shafi uku. Can ƙasan shafin ƙarshe akwai layi guda da ke cewa makaranta na iya amfani da hotunan ɗalibi a harkokinta da tallace-tallacenta.

"Hajiya, ai kin amince tun tuni," ya ce mata. "Kuma wallahi fatan alheri muka yi mata. Wane uba ne ba ya son a ce 'yarsa likita ce?"

Gaskiya ne ta sa hannu. Amma a lokacin abin da hoton makaranta ke nufi a wurinta shi ne kalandar ƙarshen shekara da ake liƙawa a bangon falo, da hoton 'yan aji a jere a kan benci, Anti a tsakiya. Manhajojin da ke ɗaukar fuskar mutum su ɗora ta a jikin da ba nata ba cikin daƙiƙu ba su shigo aljihun kowa ba tukuna. Sai a watan Maris na 2025 ne yayin mayar da hotuna zanen katun ta ChatGPT ya karaɗe duniya, sannan a watan Agusta na shekarar Google ya fito da nasa mai suna Nano Banana, wanda ya shahara saboda iya riƙe kamannin fuska komai aka canja a jikin hoto. Daga nan kowa mai wayar hannu da 'yar data ya zama mai sutudiyo.

Ta dawo gida ta zauna ta rubuta wasiƙa shafi biyu. Na karanta ta a daren. Kowane layi gaskiya ne, kuma kowane layi ɓacin rai ne. Ta yi maganar amana, ta yi maganar tarbiyya, ta ce ba ta yafe ba. Abin da babu a ciki shi ne abu guda da hedimasta zai iya tashi gobe da safe ya aikata. Na ce mata, "Yaya, wannan zai karanta ya ba ki haƙuri, ya sa a durowa. Mu sake wata."

Kafin mu sake, sai da muka zauna muka warware abin da muke tsoro. Ashe abu uku ne daban-daban muka dunƙule wuri guda, kuma makaranta ba ta da iko iri ɗaya a kansu.

Ƙofa uku

Ta farko ita ce wadda ta riga ta faru: wani ma'aikacin makaranta ya ɗauki hoton yaro ya loda shi a manhajar ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, domin ta fitar da sabon hoto. Mutane da yawa suna zaton aikin a cikin wayar ake yin sa. A mafi yawan manhajojin nan hoton barin wayar yake yi, ya tafi rumbun kwamfutocin kamfanin a wata ƙasa, a sarrafa shi can, a dawo da sakamako. Abin da zai same shi bayan nan ya danganta da irin asusun da aka yi amfani da shi. A ChatGPT, alal misali, asusun mutum na kansa yana ba kamfanin damar amfani da abin da aka loda wajen horar da manhajar, sai idan mai asusun ya shiga Data controls ya kashe Improve the model for everyone. Asusun da kamfanoni da makarantu ke biya ba a yi masa haka kai tsaye. Ƙananan manhajojin gyaran hoto na kyauta kuwa, waɗanda suka cika wayoyin matasa, da yawansu ba ka ma sanin wa ke da su.

Ƙofa ta biyu ba ta buƙatar kowa ya loda komai. Duk hoton da aka sa a shafin da ke buɗe ga jama'a, akwai na'urorin da ke bin intanet suna kwasarsa tare da rubutun da ke ƙasansa. A watan Yuni na 2024 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta leƙa wani ƙaton kundi mai suna LAION-5B, wanda wata ƙungiyar Jamus ta tara, mai ɗauke da adireshin hotuna kusan biliyan shida da bayanansu, kuma da shi aka horar da wasu sanannun manhajojin ƙera hoto. Ɗan mitsitsin yanki kawai suka duba, amma suka tarar da hotunan yaran Brazil 170. Wata guda bayan haka suka sake samun na yaran Ostireliya 190. Wasu daga ciki makarantu ne suka wallafa su. Akwai na wasu yara biyu 'yan shekara uku da huɗu, wanda rubutun da ke tare da shi ya faɗi cikakken sunansu da sunan makarantar renon da suke zuwa a birnin Perth.

Masu kundin sun amince su cire hotunan. Sai dai manhajar da ta riga ta koyi darasi daga hoto ba ta mantawa don an goge shi daga kundi. Abin kamar gishiri ne da ya narke a miya. Kamfanin Meta ma, mai Facebook da Instagram, ya amsa a gaban wani kwamitin majalisar dattawan Ostireliya a watan Satumba na 2024 cewa yana amfani da abin da manya suka wallafa a bainar jama'a tun daga 2007 wajen horar da manhajarsa, har da hotunan yaran da ke cikin shafukan manyan.

Ƙofa ta uku ce ke hana uwa barci.

Abin da ya faru a Almendralejo

Almendralejo ƙaramin gari ne a kudu maso yammacin Sifaniya, mutanensa ba su wuce dubu talatin da 'yan kai ba, irin garin da kowa ya san 'yar gidan wane. A watan Satumba na 2023, da aka koma makaranta bayan dogon hutu, 'yan mata sama da ashirin, ƙaramarsu 'yar shekara goma sha ɗaya, suka tarar hotunansu tsirara na yawo a zaurukan WhatsApp. Babu wadda ta taɓa ɗaukar irin wannan hoton. Hotunansu na yau da kullum, sanye da sutura, aka kwaso daga shafukansu aka bi da su ta wata manhaja da ke zana jiki a madadin tufafi. Waɗanda suka yi kuwa yara maza ne sa'o'insu, wasu ma makarantarsu ɗaya.

Wata likitar mata, Miriam Al Adib, wadda 'yarta na cikin waɗanda abin ya shafa, ita ta fito ta yi magana a fili har duniya ta ji. A watan Yuli na 2024 kotun yara ta yanke wa samari goma sha biyar hukuncin shekara guda ƙarƙashin sa ido, tare da tilasta musu halartar darussan gyaran hali.

Ba a Sifaniya kaɗai ba ne. A watan Yuni na 2024 an yi wa ɗalibai mata kusan hamsin haka a wata makaranta a jihar Victoria ta Ostireliya. A Koriya ta Kudu abin ya yi ƙamari a zaurukan Telegram har majalisar ƙasar ta yi doka a watan Satumba na 2024 da ta sa ko mallaka ko kallon irin waɗannan hotuna ya zama laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara uku. Amurka ma ta yi tata dokar a watan Mayu na 2025, wadda ta wajabta wa shafukan sada zumunta cire irin hoton cikin sa'a 48 da kai ƙorafi.

Na kawo waɗannan ne saboda abu ɗaya: duk abin da mai mugun nufi ke buƙata shi ne hoto guda mai haske, fuska na kallon gaba. Irin hoton da makaranta ke ɗauka ke nan. Idan kuma aka haɗa masa da suna da aji da bajo, an gaya masa inda yarinyar take daga ƙarfe bakwai da rabi na safe zuwa biyu na rana. A garuruwanmu, inda ake binciken asali da hali kafin a ba da aure ko a karɓa, hoton ƙarya guda ɗaya zai iya bin yarinya shekara goma. Wa zai tsaya yi wa dangin miji bayanin cewa na'ura ce ta zana?

Wasiƙa ta biyu

Ta biyun shafi ɗaya ce. Yaya ta rubuta ta da Hausa, muka yi kwafin Turanci saboda fayil ɗin ofis. A sama akwai kwanan wata, da sunan yarinyar, da ajinta, da lambarta ta shiga makaranta. An aika ta ga hedimasta, kwafi ga mai makarantar da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. Bayan sallama da godiya kan shekara shida na karatu, ga yadda ta shiga magana:

"Na janye amincewar da na bayar a fom ɗin shiga makaranta game da amfani da hoton 'yata wajen talla, daga ranar da wannan takarda ta iso hannunku. Ina roƙon kada wani malami, ko ma'aikaci, ko mai hoto, ko mai buga takardu da makaranta ta ɗauka aiki ya loda hotonta, ko bidiyonta, ko muryarta a kowace manhaja da ke ƙera sabon hoto ko sauya kamannin mutum, ko da da kyakkyawar niyya ne."

Mun daɗe a kan wannan sakin layi. Da farko ta rubuta "kada a gyara hotonta", sai muka ga hakan zai hana har ƙara haske ko yanke gefen hoton katin shaida, kuma dokar da ta hana komai ba a daɗewa ake karya ta. Don haka aka ƙara jimla guda: ƙara haske, da yanke gefe, da rage girman hoto ba su cikin abin da ta hana. Abin da ta hana shi ne duk aikin da zai fitar da ita cikin sutura, ko wuri, ko shekaru, ko yanayin jikin da ba nata ba. Sanya mai hoto da mai buga bana a ciki ma da gangan ne, domin a makarantu da dama ba malamai ke wannan aikin ba, wani yaro ne a shagon buga takardu ake tura wa hotunan aji guda a dunƙule.

Sai buƙata ta biyu, a kan abin da ya riga ya faru. Ta nemi a sauke hoton daga Facebook da duk inda makaranta ta sa shi, a cire nata daga banar, sannan a gaya mata a rubuce wace manhaja aka yi amfani da ita, da asusun wa, da kuma ko an goge hoton daga tarihin asusun. Wannan tambayar ta fi kowacce amfani. Wanda bai san ta wace ƙofa kayansa suka fita ba, bai san inda zai bi sawu ba.

Ta uku ta shafi gaba: kada a sa fuskarta a shafin da kowa ke iya gani, kuma ko na wane yaro za a sa, kada a haɗa fuska da cikakken suna. Ta bayyana abin da ta yarda da shi domin kada a ce ta toshe komai: katin shaida, da rajistar jarrabawa, da hoton 'yan aji da ake bugawa a takarda a raba wa iyaye.

Akwai wani layi kusa da ƙarshe wanda ita ta dage a sa, ni ban yi tunaninsa ba. "Ina roƙon kada wannan takarda ta zama dalilin ware 'yata daga wasanni, ko karɓar kyauta, ko tsayawa cikin 'yan ajinta. Kada a kira ta a gaban yara a ce ta koma gefe." Ta san 'yarta. Yarinya ce da za ta gwammace a buga hotonta a kowace mahaɗa da a nuna ta da yatsa a filin taro.

Ta rufe da neman amsa a rubuce cikin kwana goma sha huɗu. Ta kai da hannunta, ta sa sakatare ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinta.

Inda doka ta tsaya

Wasiƙar ba ta yi barazanar kotu ba, amma ta ambaci doka a jimla ɗaya, kuma tana da hujja. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Hoton da za a iya gane mutum da shi yana cikin bayanan da dokar ke karewa, makarantar da ta tara shi kuma ita ce mai alhakinsa.

Sashe na 31 ya ce idan bayanan yaro ne, amincewar uba ko uwa ko mai riƙo ake nema. Sashe na 35 ya ba wanda ya amince damar janyewa duk lokacin da ya so. Sashe na 26 ya ɗora wa mai tara bayanan nauyin tabbatar da cewa an amince masa, kuma ya ce shiru ba amincewa ba ne. Sannan dokar ta ce bayanan da aka karɓa don wata manufa ba a karkatar da su zuwa wata da ta saɓa mata. A fahimtata, layi guda da aka sa wa hannu shekara shida baya, kafin a san da wannan fasahar a unguwa, da wuya ya wadatar a matsayin izinin tura fuskar yarinya wani kamfani a ƙetare a sake mata jiki. Tarar da dokar ta tanada ga ƙananan masu tara bayanai tana iya kai naira miliyan biyu ko kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Iyayen da ke Nijar suna da hukumar HAPDP, na Ghana kuma suna da dokarsu tun 2012. Amma kada a ruɗi kai. Ƙorafi zuwa hukuma hanya ce mai tsawo, yaro kuma gobe da safe zai koma hannun malaman nan. Amfanin ambaton dokar shi ne makaranta ta gane cewa ba alfarma ake roƙo ba.

Ta bakin makaranta

Na samu zama da mai makarantar bayan kwana biyar, dattijuwa ce da ta yi shekaru tana koyarwa kafin ta buɗe tata. Ba ta ɓoye damuwarta ba. A layinsu kaɗai makarantun kuɗi huɗu ne, kowacce da banarta. Ɗauko mai hoto, da hayar rigunan likita da na lauya, da jera yara rana guda, kuɗi ne da lokaci. Wannan kuwa malamin kwamfuta ya gama shi tsakanin azahar da la'asar, bai karɓi ko sisi ba. "Ɗana," ta ce mini, "iyaye bakwai sun kira suna godiya, ɗaya ta kawo takarda. Ka gaya mini yadda zan yi."

Tambayarta tana da nauyi, kuma ban ga dalilin raina iyayen nan bakwai ba. Ɗaya daga cikinsu, direban babbar mota, ya sa hoton ɗansa cikin kayan matuƙin jirgi a fuskar wayarsa. Ya ce tun da yaron ya ga kansa haka yake tashi da asuba ya yi bitar lissafi. Wannan ma gaskiya ce. Abin da na ce mata shi ne, shi an yi masa abin da yake so ne bisa sa'a, domin shi ma ba a tambaye shi ba.

Malamin kwamfutar ya fi ba ni tausayi. Saurayi ne da bai daɗe da gama hidimar ƙasa ba. Ya buɗe wayarsa ya nuna mini. Hotunan katin shaida na 'yan aji shida gaba ɗaya, su arba'in da ɗaya, aka turo masa. Ya gwada manhaja uku kafin ya samu wadda ta riƙe kamanni, wato wasu yaran sun shiga wuri uku, ciki har da waɗanda ba su fito a bana ba kuma iyayensu ba su san an taɓa hotonsu ba. Biyu daga manhajojin ya riga ya cire su daga wayar, yana zaton cirewar ta goge komai. Ba ta gogewa. Asusun da abin da ke cikinsa suna nan a wurin kamfanin har sai an shiga an nemi a share.

Na tambaye shi batun hasken fata da mayafin. Ya rantse bai nemi haka ba, "likita mace" kawai ya rubuta. Na yarda da shi. Manhajar tana cike gurbi ne da abin da ta fi gani a hotunan da aka horar da ita da su, kuma likitocin da ta fi gani ba su yi kama da 'yar aji shida mai dogon hijabi ba. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da yadda na zata. Yarinya baƙa kyakkyawa ta kalli bana a bakin titi, ta ga cewa ranar da ta zama likita fara za ta zama.

Abin da takarda ba ta iya yi

Wasiƙar ta ɗaure hannun makaranta da waɗanda take biya. Ba ta ɗaure hannun uban da zai ɗaga waya ranar bikin yaye ɗalibai ya ɗauki duk wanda ya gifta ba, ko 'yar ajin da ke da hoton ƙawarta. A Almendralejo ma ba daga ofishin makaranta hotunan suka fita ba. Kuma dole mu faɗa wa kanmu gaskiya: da muka duba shafin yayata, mun ƙirga hotunan yarinyar sama da talatin a buɗe, na sallah da na saukar izu, wasu da kayan makaranta. A daren ta mayar da su na abokai kaɗai, wasu ta goge.

Gane hoton na'ura da ido ma yana ƙara wuya. Haruffan da suka cakuɗe a bajo, da fatar da ta yi sumul kamar roba, da ɗan kunnen da bai yi daidai da ɗan'uwansa ba, duk alamu ne, amma sababbin manhajoji suna rage irin wannan kuskuren. Wasu kamfanoni na sa 'yar alama a kusurwar hoto, sai dai yanke gefe kawai ke fitar da ita. Hanyar da ta fi tabbas ga uwa ita ce ta ce a nuna mata ainihin hoton da aka ɗauka, ta kuma tambayi 'yarta ko ta taɓa sa wannan rigar.

Amsar makarantar ta zo a rana ta goma sha biyu, rabin shafi da sa hannun hedimasta. An sauke hotunan takwas duka daga Facebook. An faɗi sunan manhajar da aka yi aikin ƙarshe da ita, an ce an goge tarihin asusun, amma ba a ambaci sauran biyun ba, sai da Yaya ta sake komawa aka zaunar da malamin ya sake sauke su ya nemi a rufe asusun. An yi alkawarin sabon fom a zango mai zuwa, wanda zai raba izini gida uku: hoton cikin makaranta, hoton shafin jama'a, da hoton da za a bi da shi ta manhaja, kowanne da akwatinsa na e ko a'a. Batun daina haɗa fuska da cikakken suna an ce sai an kai shi taron iyaye da malamai, domin akwai iyayen da ke son a ga sunan ɗansu idan ya zo na ɗaya.

Banar kuwa an ce an kashe mata kuɗi, ba za a sauke ba sai an gama sayar da fom. Abin da aka yi shi ne aka yanko farin leda aka liƙe a kan hoton yarinyar, aka rubuta lambar wayar makaranta a kai. Na bi ta mahaɗar ranar Asabar da ta wuce. Iska ta fara ɗaga gefen ledar ta ƙasa, ana hango farar rigar da rabin sunanta. Yaya ta ce ranar Litinin za ta tafi da gam a jakarta.